Me ya sa karya cakulan gida-gida ba shi da gajeriyar hanya? Tambayoyi da amsoshi

Akwai wata tsohuwar tambaya da malaman lissafi suke son jefa wa ɗalibai. An ba ka sandar cakulan irin mai faɗin nan da aka tsaga mata layuka a tsaye da a kwance, ta zama gida-gida kamar filin dara. Ana so ka kakkarya ta har kowane gida ya fita shi kaɗai. Ta wace hanya za ka bi ka gama da karya mafi ƙaranci? Na sha ganin yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun shafe rabin awa suna zane a takarda suna neman dabara, kuma duk inda suka ɓullo sai su tarar da lamba ɗaya tana jiransu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu, da amsoshinsu.

To, sau nawa ake karyawa?

Ƙirga gidajen, ka cire ɗaya. Sanda mai layi huɗu, kowane layi gida shida, tana da gida 24, saboda haka karya 23 za ka yi. Mai gida 15 karya 14 ce. Mai gida 100 karya 99. Idan layukan `m` ne, gidajen kowane layi kuma `n`, amsar ita ce `m × n − 1`.

Abin lura shi ne wannan lamba ba ita ce mafi ƙaranci kawai ba. Ita ce mafi yawa kuma. Mai wayo da wanda ya rufe ido yana karyawa yadda ya ga dama, dukansu a 23 za su tsaya.

Wace ƙa'ida ake bi wajen karyawar?

Ƙa'ida biyu ce, kuma duk maganar a kansu ta rataya. Ta farko, gutsure ɗaya za ka ɗauka a kowane karo. Ba a ɗora wani kan wani a karya su tare. Ta biyu, za ka bi tsagin da aka riga aka yi, ka karya daga wannan gefe har wancan gefe, gutsuren da ke hannunka ya rabu biyu. Abin da mutum yake yi ke nan da hannunsa in an ba shi cakulan ya raba wa yara, sai dai a nan muna ƙirgawa.

Wanda ya sauya ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ya sauya tambayar gaba ɗaya, kuma zan zo kan hakan a gaba.

Ina dalilin? Me ya hana wata hanya ta fi wata sauri?

Daina kallon layukan, ka kalli yawan gutsattsarin da ke kan faranti. Kafin ka fara, gutsure ɗaya ne, wato sandar gaba ɗayanta. Ka karya sau ɗaya, sun zama biyu. Ka ɗauki kowanne daga ciki, babba ko ƙarami, ka karya shi a tsaye ko a kwance, sun zama uku. Kowace karya tana ɗauke gutsure ɗaya daga faranti ta mayar da biyu a madadinsa. Ƙarin da aka samu ɗaya ne tak, ba ya zama biyu don ka karya a tsakiya, ba ya raguwa don ka ɓalle daga gefe.

Yaushe aiki zai ƙare? Ranar da gutsattsarin suka kai 24, kowanne gida ɗaya. Ka tashi daga ɗaya, za ka je 24, kuma taku ɗaya-ɗaya kake yi. Taku 23 ne, ko ta ina ka bi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai rake ya san wannan ba tare da an koya masa ba. Rake mai gaɓa goma, in za a raba shi gaɓa-gaɓa, sara tara ne. Mai raken ya fara daga gindi, ko daga kai, ko ya fara sara a tsakiya, tara ɗin dai ce. Ba wanda yake mamakin wannan, domin rake tsawo kawai gare shi, ido yana ganin mahaɗa tara a jere. Cakulan yana da tsawo yana da faɗi, sai faɗin ya ruɗi mutum ya ɗauka an buɗe masa ƙofar dabara. Lissafin kuwa bai san da faɗi ba. Gutsure kawai yake ƙirgawa.

Amma in na fara rabawa a tsakiya, ai na yi aiki mai yawa da karya ɗaya. Ba zan rage ba?

Nan ne kusan kowa yake tsayawa yana gardama, don haka bari mu bi sandar nan mai layi huɗu da gida shida-shida ta hanya uku, muna ƙirgawa da kyau.

Hanya ta farko, a fitar da dogayen layuka. Raba sanda zuwa layi huɗu yana cin karya 3. Yanzu kana da sanduna huɗu sirara, kowacce gida shida, kowacce kuma tana bukatar karya 5. Huɗu sau biyar 20. A haɗa da ukun farko, 23.

Hanya ta biyu, a juya sandar a fitar da gajerun layuka. Raba ta zuwa layi shida yana cin karya 5. Kowane layi gida huɗu ne, yana bukatar karya 3. Shida sau uku 18. A haɗa da biyar, 23.

Hanya ta uku, ta masu dabara, wato a riƙa rabawa a tsakiya. Karya ta farko ta ba ka rabi biyu, kowanne gida 12. Ka raba kowane rabi biyu, karya 2 ke nan, jimilla 3, kana da gutsure huɗu masu gida shida-shida, kowanne layi biyu na gida uku. Kowane ɗayansu za ka tsaga shi gida uku-uku da karya ɗaya, sannan kowane ukun ya ci karya biyu, wato 5 ga kowane gutsure. Huɗu sau biyar 20, da ukun farko, 23.

Gaskiya ne doguwar karya tana raba mahaɗai da yawa a lokaci ɗaya. In ka tsaga sandar a tsaye tsawonta, ka raba mahaɗi shida da motsi ɗaya. Sai dai duk layukan da suke gicciye da wannan tsagin ka yanke su biyu. Layin da a da karya ɗaya za ta ishe shi, yanzu rabinsa yana wannan gutsure, rabinsa yana wancan, sai ka bi kowanne daban. Abin da ka samu a nan ka biya shi a can, ba ragi ba ƙari.

Na ƙirga layukan tsagi na samu takwas kawai. Me ya sa ba takwas ba ce amsar?

A sanda mai huɗu da shida akwai tsagi uku ta wannan fuska, biyar ta waccan, takwas ke nan. Wannan ita ce amsar kuskure da na fi ji, kuma ba ta rasa hujja ba: amsar wata tambaya ce daban.

Dubi mai yin alawar madara. Ta murza ta a kan faranti ta yi faɗi, sai ta ɗauki wuƙa ta ja layuka a tsaye, sannan ta ja a kwance. Lokacin da take jan layukan kwance, alawar ta riga ta rabu zuwa dogayen yankuna, amma suna nan kwance a jere ba su motsa ba, wuƙar tana ratsa su duka da ja ɗaya. Ita kam da ja takwas za ta fitar da guda 24. Ja ɗaya na wuƙarta yana yanka gutsure huɗu ko shida a tare, abin da ƙa'idarmu ta farko ta hana. In ka ƙirga kowane gutsure da wuƙar ta raba a matsayin karya ɗaya, ja ukun farko karya 3 ne, ja biyar na baya kuma kowanne ya raba yanki huɗu, 20. Mun dawo 23.

Ai misali uku ba hujja ba ne. Ta yaya aka tabbata babu wata hanya ta huɗu da ba a gwada ba?

Haka ne, kuma wanda ya yi wannan tambaya ya fara tunani irin na masu lissafi. Gwaji ko sau dubu ne ba ya rufe ƙofa. Abin da ya rufe ta shi ne bayanin da na yi a sama, domin bai dogara da wace hanya aka bi ba. Bai ce "in ka fara daga gefe" ko "in ka fara daga tsakiya" ba. Cewa ya yi kowace karya, ko wace iri ce, tana ƙara gutsure ɗaya.

Ga wata hanyar faɗin abu ɗaya da masana suka fi so. A kowane lokaci, ɗauki yawan gutsattsarin da ke gabanka, ka cire yawan karyar da ka yi zuwa yanzu. Da farko gutsure ɗaya, karya babu, saura ɗaya. Bayan karya bakwai gutsure takwas, saura ɗaya. Duk sanda ka karya, lambobin biyu suna hawa tare, tazararsu ba ta motsi. To a ƙarshe gutsure 24 ne, tazara kuma ɗaya ce, dole karya ta zama 23. Neman irin wannan abu da ba ya canzawa komai aka yi, babbar dabara ce a lissafi, kuma tambayar cakulan tana cikin misalan farko da ake koyar da ita da su.

Tana da amfani a aikace ma. In kana tsakiyar ƙirga ka manta inda kake, ba sai ka sake daga farko ba. Ƙirga gutsattsarin da ke kan faranti ka cire ɗaya. In kuma lissafinka ya ce karya goma ka yi amma gutsure 13 ne a gabanka, to ko ka tsallake ƙirga biyu, ko wani gutsure ya fashe fiye da biyu ba ka lura ba.

Malaminmu ya kawo hujjar ta wata siga mai kama da hawa tsani. Yaya take?

Wannan hujja tana ginawa ne daga ƙarami zuwa babba. Sanda mai gida ɗaya ba ta bukatar karya ko ɗaya, kuma ɗaya a cire ɗaya babu, maganar ta zauna. Yanzu a ce mun riga mun tabbatar da ita ga duk sandar da ba ta kai gida 24 ba. Ɗauki mai 24 ka karya ta sau ɗaya, duk inda ka so. A ce ta rabu gida 8 da gida 16. Duka biyun sun gaza 24, don haka mun san na farko zai ci 7, na biyu 15. A haɗa da karyar da ta raba su: bakwai da sha biyar da ɗaya, 23. Da ta rabu 4 da 20 ne, uku da sha tara da ɗaya, 23 dai.

Da haruffa, in gutsuren biyu suna da gida `a` da gida `b`, lissafin shi ne `(a − 1) + (b − 1) + 1 = a + b − 1`, kuma `a + b` shi ne jimillar gidajen sandar.

Wurin da ɗalibai suke tuntuɓe a nan shi ne su ɗauka ya isa a san amsar sanda mai gida 23 domin a hau zuwa 24. Bai isa ba. Karya ta farko ba lallai ta cire gida ɗaya ba. A sanda mai huɗu da shida ma ba za ta iya ba, mafi ƙarancin abin da za ta ɓalle gida huɗu ne. Dole sai an riƙe duk matakan da ke ƙasa, ba na ƙarshe kaɗai ba.

Ni dai na fi son hujjar ƙirga gutsure. Ta tsani daidai take, amma tana tabbatar maka ne ba tare da ta sa ka ga dalili da idonka ba. Ta ƙirga kuwa yaro ɗan firamare zai gane ta yana cin cakulan ɗin.

Siffar sandar tana da tasiri?

Ba ta da shi. Gida 24 a layi ɗaya kamar rake, ko biyu sau sha biyu, ko uku sau takwas, ko huɗu sau shida, duk 23 ne. Ko gidajen ba su zama daidai da juna ba, ko masu kusurwa uku ne, muddin kowace karya gutsure ɗaya take mayarwa biyu, amsar ita ce yawan gutsattsarin ƙarshe a cire ɗaya.

In an yarda a ɗora wani kan wani fa?

Yanzu dabara ta samu wurin shiga. In za ka iya tara gutsattsari ka karya su tare, kowace karya tana iya ninka yawansu: ɗaya, biyu, huɗu, takwas, sha shida. Bayan karya huɗu ba za ka wuce 16 ba, saboda haka 24 tana bukatar aƙalla biyar. Kuma biyar ɗin ta isa. Ɓangaren gida huɗu: ka raba biyu-biyu, ka ɗora ka sake rabawa, karya 2. Ɓangaren gida shida: ka raba uku-uku, ka ɗora ka ɓalle ɗaya daga kowane uku, ka tara masu biyu ka raba, karya 3. Jimilla 5, maimakon 23.

A nan, saɓanin tambayar asali, hanya tana da tasiri, siffa ma haka. Ɗauki sanda mai layi uku da gida biyar-biyar. Gida 15 ne, bai kai 16 ba, sai mutum ya yi zaton karya huɗu za ta isa. Ba za ta isa ba. Bi babban gutsure a kowane mataki: faɗin uku sai an rage shi sau biyu kafin ya zama ɗaya, daga uku zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Tsawon biyar sai sau uku, daga biyar zuwa uku, zuwa biyu, zuwa ɗaya. Karya ɗaya ba ta rage tsawo da faɗin gutsure ɗaya a tare, don haka biyar ce. Sanda mai huɗu da huɗu kuwa, duk da ta fi ta gida ɗaya, karya huɗu ta ishe ta.

A zahiri dai wanda ya ɗora cakulan hawa takwas ya ce zai karya da hannu, gari zai samu.

Akwai inda maganar take rushewa ko da gutsure ɗaya aka ɗauka?

Akwai, kuma yana da kyau a san wurin, domin shi yake nuna abin da hujjar ta jingina a kai. Mun ce miƙaƙƙiyar karya tana raba gutsure gida biyu. Wannan gaskiya ne ga gutsure mai kusurwa huɗu da ba shi da lungu, kuma muddin miƙaƙƙiyar karya ake yi tun daga farko, duk gutsattsarin da za su fito irin wannan ne. To amma a ce an ba ka almakashi da takarda, an yarda ka yi yanka mai lanƙwasa.

Zana gida tara, uku sau uku. Da yanka ɗaya mai lanƙwasa, cire gidan tsakiya tare da wanda yake samansa. Gutsure biyu ke nan, har yanzu lissafi bai ɓaci ba: ƙaramin mai gida biyu, da babban mai gida bakwai da ya zama kamar harafin U, ƙafafu biyu a tsaye da gindi a ƙasa. Yanzu ja miƙaƙƙen layi a ƙarƙashin layin sama. Zai ratsa ƙafafun biyu, ya zubo da gida biyu daban-daban. Gutsure ɗaya ya zama uku da yanka ɗaya. Sake yin haka a ƙasa kaɗan, wasu biyu su zubo. Yanka uku, gutsure shida. Gindin mai gida uku ya ci biyu, ƙaramin nan na farko ya ci ɗaya, an gama da yanka shida, alhali ƙa'ida ta ce takwas.

Akasin haka ma yana faruwa. Abu mai siffar awarwaro, in ka yanke shi a gefe ɗaya, bai rabu ba, yana nan guda ɗaya. Yanka ya tafi a banza. Saboda haka ainihin sharaɗin ba miƙewar layi ba ne, ba kuma cakulan ba ne. Sharaɗin shi ne ɗaya ya zama biyu a kowane karo.

In na gwada da cakulan na gaske lambar ba ta fito ba, me ya faru?

Abu uku ne suka fi jawo haka. Ko gutsure ya tarwatse gida uku a hannunka, wanda zai sa ka gama da ƙasa da 23. Ko karyar ta kauce wa tsagi ta ratsa cikin gida, sai ka ƙare da gutsattsari fiye da 24, karya ma ta ƙaru. Ko kuma, wanda ya fi yawa in da yara a wurin, wani ya jefa gida ɗaya a baki kafin a ƙirga. A lokacin zafinmu ma cakulan ba ya karyewa, lanƙwashewa yake yana bin yatsa. Na fi ba da shawarar a zana gidajen a kwali ko takardar lissafi mai gida-gida, a yi amfani da almakashi, a riƙa sa alama a gefe duk yanka ɗaya.

An ce akwai wasan mutum biyu a kan wannan. Yaya ake cinsa?

Mutum biyu suna karyawa bi da bi, kowa ya ɗauki gutsuren da ya so ya karya sau ɗaya. Wanda layi ya zo kansa ya tarar babu sauran abin karyawa, shi aka ci. Ka zauna ka kalli masu yinsa: suna tsayawa, suna auna gutsattsari, suna tunani kamar masu dara. Duk wahalar banza ce. Tun kafin a taɓa sandar an riga an san wanda zai ci.

Da gida 24, karya 23 za a yi. Wanda ya fara shi zai yi ta ɗaya, ta uku, ta biyar, har ta 23, wadda ita ce ta ƙarshe. Abokinsa ya tashi hannu wofi. Da gida 15 kuwa karya 14 ce, ta ƙarshe ta faɗa hannun na biyu. Ƙa'idar a taƙaice: in yawan gidajen cika ne, wato yana rabuwa biyu daidai, mai farawa ya ci, in mara ne, na biyu ya ci. Yawan gidaje yana zama mara ne kawai in tsawo da faɗi duka mara ne, kamar uku da biyar. Dabarar da ke cikin wasan gaba ɗaya ita ce zaɓen wanda zai fara, sai ka yi wa abokinka kara ka ce "Bismillah, fara" a ranar da gidajen suke mara.

Kada a haɗa wannan da wani wasan cakulan da masanin lissafi David Gale ya wallafa a 1974, wanda a cikinsa gida ɗaya na kusurwa yake da guba, ana cinye yankuna bi da bi, wanda ya rage da gidan gubar ya faɗi. Wancan wasa ne na tunani na gaske, zaɓin da mutum ya yi yana iya kayar da shi.

Ban da cakulan, ina ake cin karo da wannan lissafi?

Masu kallon ƙwallo sun fi kowa kusa da shi, sai dai a juye yake zuwa musu. A zagayen sili-ɗaya-ƙwale kowane wasa yana fitar da ƙungiya ɗaya. An fara da ƙungiya 16, ana so ɗaya ta rage, dole 15 su fita, wasa 15 ke nan. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, bayan wasannin rukuni ƙasashe 16 ne suka rage: wasa takwas, sannan huɗu, sannan biyu, sannan na ƙarshe, 15. Ƙarin wasa ɗaya da aka buga, wanda Croatia ta doke Maroko, na neman matsayi na uku ne, tsakanin ƙasashe biyu da aka riga aka fitar daga neman kofi, shi ya sa bai shiga lissafin ba.

Inda wannan ya fi taimako shi ne gasar unguwa, da yawan ƙungiyoyi ba ya zuwa daidai. Ƙungiya 23 sun yi rajista, mai shirya gasa yana son sanin wasa nawa zai nemi fili da alƙalin wasa dominsu. Ba sai ya zana jadawali ba, ba sai ya san wa za a ɗaga zuwa zagaye na gaba ba tare da ya buga ba. Wasa 22 ne, sai in an yi canjaras aka sake bugawa.

Akwai wani abin da shi ma ba ya canzawa ban da yawan karya?

Akwai wanda ya fi ba ni mamaki. Duk lokacin da ka karya gutsure, ƙirga gidajen ɓangarorin biyu ka ninka su da juna, ka rubuta a gefe. In ka gama, tara duk abin da ka rubuta. Jimillar ɗaya ce ko ta ina ka bi.

Gwada da gida shida, layi biyu na uku-uku. Hanya ta farko: raba uku da uku, ka rubuta 9. Kowane ukun ya rabu ɗaya da biyu, 2, sannan biyun ya rabu ɗaya da ɗaya, 1, wato 3 ga kowane layi, 6 ga duka biyun. Jimilla 15. Hanya ta biyu: ɓalle biyu ka bar huɗu, 8. Huɗun ya rabu biyu da biyu, 4. Saura gutsure uku masu gida biyu-biyu, kowanne 1, wato 3. Takwas da huɗu da uku, 15.

Dalilin yana da daɗi. Ɗauki kowane gida biyu a sandar, ko maƙwabta ne ko suna nesa da juna. Da farko suna cikin gutsure ɗaya, a ƙarshe sun rabu, kuma karya ɗaya ce tak ta raba su, domin waɗanda suka rabu ba sa sake rabuwa. In karya ta bar gida biyu a nan, huɗu a can, ta raba kowane ɗaya na biyun da kowane ɗaya na huɗun, rabuwa takwas ke nan. Ashe abin da kake tarawa shi ne yawan hanyoyin zaɓo gida biyu daga cikin sandar, kuma wannan bai shafi yadda ka karya ba. Ga gida shida, shida sau biyar a raba biyu, 15. Ga sandarmu mai gida 24, ashirin da huɗu sau 23 a raba biyu, 276. Wanda yake da takarda da almakashi ya yanka ta hanya biyu daban ya tara ya gani.